Ra'ayinmu: Mai digirin da ke son koyarwa, wace hanya zai bi?

A shekarar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da sanarwar cewa daga 2027 ba za a amince wa wata sakandare ta zama cibiyar rubuta jarrabawar WAEC ko NECO ko NABTEB ko ta NBAIS ba, sai malamanta suna da rajista da lasisin TRCN, hukumar da ke yi wa malamai rajista a Nijeriya. Wannan ba shi ne wa'adi na farko ba. An taɓa sanya 31 ga Disambar 2019 a matsayin ranar da za a fitar da malamai marasa takardar koyarwa daga aji, ranar ta zo ta wuce kuma suna nan suna koyarwa. Bambancin na yanzu shi ne an ɗaura hukuncin a wuyan makaranta, kuma mai makarantar kuɗi ba ya wasa da zancen cibiyar jarrabawa, domin nan ne cinikinsa yake. Saboda haka tambayar ta dawo wa dubban matasan da suka karanta kimiyyar sinadarai ko tattalin arziki ko aikin injiniya, suka gama bautar ƙasa, suka kama alli: ta wace hanya za su zama malamai a idon doka?

Dokar ba sabuwa ba ce. An kafa TRCN da doka mai lamba 31 ta shekarar 1993, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta daɗe da cewa takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da za a shiga aji da ita. Hukumar ta kasa malamai gida huɗu. Rukunin D na masu NCE ne, rukunin C na masu digirin farko, B na masu digiri na biyu, A kuma na masu digirin digirgir. Amma a C da B da A duka akwai sharaɗi ɗaya: ko dai digirin ya kasance a fannin ilimin koyarwa, ko kuma a haɗa shi da difilomar koyarwa. Wanda ya fito da sakamako mai daraja ta ɗaya a lissafi daga Jami'ar Bayero, idan bai da wannan difiloma, ba shi da gurbi a ko ɗaya daga cikin rukunan. Tun daga 2017 kuma an ƙara wani mataki, wato jarrabawar cancanta da ake rubutawa a kan kwamfuta kafin a yi wa mutum rajista.

Hanyar da aka fi bi ita ce PGDE, difilomar koyarwa ta bayan digiri. Jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo suna yin ta, haka ma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, wadda aka kafa a Kaduna a 1976, tana gudanar da ita a cibiyoyinta na jihohi, inda akasari ake haɗuwa a ƙarshen mako don masu aiki su samu dama. A cikakken lokaci zangon karatu biyu ne, kusan shekara guda. Ta wucin gadi takan ja fiye da haka. Ana neman digiri ko babbar difiloma ta HND, da takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, da sakamakon sakandare. A ciki za a karanta tarihin ilimi da falsafarsa, da halayyar yaro da yadda yake koyo, da tsarin manhaja, da dabarun koyar da darasin da mutum ya ƙware a kai, da yadda ake auna ɗalibi. Sai aikin gwajin koyarwa a wata makaranta, sai ɗan binciken kammalawa.

Akwai ƙanwarta, PDE, wadda kwalejojin ilimi da wasu cibiyoyi ke yi bisa amincewar TRCN. Tana kai mutum ga rajista kamar yadda PGDE ke kai shi. Inda suke rabuwa shi ne gaba: PGDE ta jami'a ƙofa ce ta shiga digiri na biyu a fannin ilimi, ita kuwa PDE ba kowace jami'a ke karɓar ta don wannan ba. Wanda ke hangen zama shugaban makaranta ko malamin kwaleji wata rana, ya tambayi sashen da yake son shiga kafin ya biya kuɗin fom. Komawa a yi NCE ta shekara uku, ko a sake wani digirin daga tushe, doka ba ta hana ba, amma ga mai digiri asarar shekaru ce. Hanya ta ƙarshe ita ce wadda sanarwar 2025 ta ambata: gajeren horo na wata uku zuwa shida a NTI, ga masu digirin da suka riga suka yi aƙalla wata 12 suna koyarwa.

Masu sukar wannan tsari suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Suna cewa makarantun karkara na neman malamin fiziks da na lissafi ido rufe, to ina hikimar gindaya wa wanda ya san darasin wani shinge? Suna tuna mana cewa gwamnati da kanta take tura masu bautar ƙasa aji ba tare da ta tambaye su takardar koyarwa ba, kuma a shirin N-Power da aka fara a 2016 ta tura masu digiri makarantu a kan alawus na naira dubu 30 a wata. Sannan suna nuna Kaduna: a 2017 malamai 21,780 cikin kimanin 33,000 sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu na firamare da gwamnatin jihar ta shirya musu. An yi ta jayayya kan yadda aka gudanar da jarrabawar, amma abin da ta bari a zukatan jama'a shi ne takarda daban, iya aiki daban. Ga kuma kuɗi. Malamin makarantar kuɗi da albashinsa bai kai mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, da me zai biya kuɗin difiloma da na jarrabawa da na lasisi?

Mun yarda da yawancin wannan. Inda muka rabu da su shi ne zaton cewa sanin darasi ya wadatar, kuma ya kamata a shiga aji a ga dalili.

A ɗauki mai digirin kimiyyar sinadarai da aka bai wa 'yan aji ɗaya na babbar sakandare, yara 70, minti 40, zai koya musu daidaita lissafin haɗuwar sinadarai. Ya rubuta H₂ + O₂ → H₂O a allo, ya ce a daidaita. Shi a wurinsa amsar a bayyane take: 2H₂ + O₂ → 2H₂O. Ya yi misali uku da sauri, ya juyo ya ce, "Kun gane?" Ajin ya amsa da ƙarfi, "Mun gane, Malam." Ranar gwaji sai ya tarar da yawa sun rubuta H₂O₂. Sun ƙirga ƙwayoyin daidai, biyu nan biyu can, sai dai sun taɓa ƙaramar lambar da ke ƙasa maimakon su sa babba a gaba, suka mai da ruwa wani sinadari daban. Malamin ya yanke hukuncin cewa yaran ba sa karatu. Wanda aka horar da kyau yakan shigo aji yana jiran wannan kuskuren, domin ya san nan ne yara ke faɗawa. Zai fara da bambancin lambobin biyu kafin ya je ga daidaitawa. Maimakon "kun gane?", zai ba da tambaya ɗaya kowa ya amsa a littafinsa, ya zaga layuka cikin minti uku, ya ga ko rabin ajin na tare da shi. Idan ya zo shirya gwaji, zai sa H₂O₂ cikin zaɓin amsoshi da gangan, don yawan waɗanda suka zaɓe ta ya gaya masa abin da zai maimaita mako mai zuwa. Duk wannan ba a koyar da shi a sashen kimiyyar sinadarai, kuma ba laifin sashen ba ne. Wasu sukan gano shi da kansu bayan shekaru, amma yaran da suka wuce ta hannunsu a waɗancan shekarun su suka biya kuɗin koyon.

Matsalar ita ce PGDE kanta ba kullum take koyar da wannan ba. An san yadda abin yake a wasu cibiyoyin: a sayi takardun lakca, a haddace sunayen masana, a rubuta jarrabawa. Gwajin koyarwar, wanda shi ne ran karatun, yakan taƙaita zuwa 'yan makonni, malamin da zai duba ɗalibi ya leƙo sau ɗaya, ya zauna a bayan aji na ɗan lokaci, ya duba littafin tsarin darasi, ya sa hannu. Gane irin wannan wuri ba wuya. A tambayi waɗanda suka gama bara: sau nawa aka zo duba ku? Wanda ya zo ya san darasinku? Ya zauna da ku bayan an tashi ya faɗa muku inda kuka yi kuskure? A kuma tabbatar hukumar TRCN ta san da kwas ɗin, domin difilomar da ba za a yi rajista da ita ba kuɗi ne aka zubar.

Akwai kuma iyakar da ba a cika faɗa ba. PGDE ta fi dacewa da sakandare, inda malami ke koyar da fanninsa. Koya wa yaro ɗan shekara shida haɗa baƙi da wasali har ya iya karatu sana'a ce daban, kuma mai NCE a fannin ilimin firamare da ya samu horo mai kyau ya fi mai digiri da difiloma sanin ta. Mai digirin da ke son ƙananan azuzuwa ya nemi ƙarin horo a kan koyar da karatu, kada ya ɗauka difilomar ta rufe masa wannan.

Hukuncinmu shi ne sharaɗin takardar koyarwa daidai ne, a bar shi. Ga sabon mai digiri da ya yanke shawarar zama malami, PGDE a jami'a ko a NTI ita ce hanya, kuma ya fi kyau ya yi ta yana koyarwa, domin abin da ya ji a lakcar Asabar ya gwada shi a aji ranar Litinin. PDE ta isa ga wanda rajista kawai yake nema. Gajeren horon wata uku zuwa shida muna goyon bayansa ga waɗanda suka riga suka daɗe a aji, da sharaɗin a je a ga mutum yana koyarwa kafin a ba shi shaida. Idan ya zama biyan kuɗi da karɓar takarda, gara babu. Jihohi da masu makarantun kuɗi, su da za su rasa cibiyoyin jarrabawa in malamansu ba su da lasisi, su ya kamata su ɗauki wani kaso na kuɗin karatun, su kuma rage wa malamin darussa a zangon da yake gwajin koyarwa. Ita kuwa TRCN, tunda jarrabawar kwamfuta ba ta iya ganin yadda mutum ke tafiyar da aji mai yara 70, sai ta ƙayyade sau nawa dole a duba kowane ɗalibi a aji, ta riƙa bin sawu, ta janye amincewarta daga duk cibiyar da ta kasa cika wannan.