Kada ka taƙaita silayid ɗin da ba ka wanke ba

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu na Gashua da Nguru da muke karatu da wayar hannu. Akwai wata ɗabi'a da ta shigo guruf-guruf ɗinmu: malami ya turo silayid a matsayin hoto, wani ya ciro rubutun da Google Lens, nan take ya taƙaita ya watsa wa aji. Ni a ganina wannan gaggawar ce take kayar da mu a tes, kuma a kaina na gani.

Zangon da ya wuce na tafi gida Jajimaji hutun ƙarshen mako, ga tes ɗin kimistiri ranar Litinin. Abin da ke hannuna sikirinshot 24 ne daga WhatsApp. Na ciro rubutun, na matse shi zuwa shafi ɗaya, na tura guruf, har ana ta yi min godiya. A silayid na asali an rubuta lambar Avogadro, 6.02 × 10²³, da lissafin ƙonewar mitan. Ga abin da manhajar ta ba ni:

```
6.02 x 1023
CH4 + 202 -> C02 + 2H20
```

Duba da kyau. Ƙaramin 23 da ke sama ya sauko ya manne da 10, ya koma 1023. Harafin O na iskar oksijin kuma ya zama sifili, shi ya sa 2O₂ ya koma 202. Wata 'yar ajinmu da ba ta samu shiga laccar ba ta haddace shi haka. Da aka tambayi yawan ƙwayoyin da ke cikin rabin mol, sai ta samu wajen 3,079 maimakon 3.01 × 10²³. Makin ya tafi, kuma ni na jawo mata. Har yau ina jin kunyar abin.

Dalilin kuwa, manhajar siffar baƙi take kallo, ba ta san kimistiri ba. Ita a wajenta O da 0 kusan abu ɗaya ne, haka ma l da I da 1. Idan hoton ya dusashe, "rn" yakan koma "m". Masu karanta Hausa ma ba su tsira ba, don ƙugiya takan faɗi, baƙi ya zama baki. Sannan silayid mai gida biyu, inda ake kwatanta abu da abu, wani lokacin sai ta haɗe layin hagu da na dama su zama jimla ɗaya.

Ga yadda nake yi yanzu. Da farko ina roƙon mai turowa ya aiko hoton ta Document, saboda WhatsApp yana matse hoto idan an tura shi kai tsaye, ƙananan lambobi su lalace. In da hali ma a nemi fayil ɗin asali wurin kilas ref. In ni zan ɗauka daga allo, sai in tsaya saitin tsakiyarsa, ba daga gefe ba. Silayid mai gida biyu kuma ina yanka shi biyu, in ciro kowane ɓari daban.

Daga nan sai wanki. Ina zuba rubutun a Google Docs, in sa lambar kowane silayid a samansa don in iya komawa. Da Find and replace nake goge sunan kwas da ke maimaituwa a kowane shafi, in nemo C02 da H20 in gyara. Amma kar ka ce a mayar da duk sifili ya zama O, za ka ɓata 6.02 ɗin da kansa. Sai in haɗa jimlolin da suka tsinke a tsakiya. Na ƙarshe, hoto a gefe, rubutu a gefe, in bi kowace lamba da ma'auni da alama irin su < da > ɗaya bayan ɗaya. Silayid 24 yakan ci min kusan minti 40.

Na san wani zai ce, "Malam, ga tsadar data, ga rashin wuta, ina lokacin?" Gaskiya ne. Amma kuskure a cikin dogon rubutu yana da maƙwabta da za su tona shi. Da ka taƙaita, ka share su, ya zauna tsaf kamar gaskiya, mutum 100 su haddace. In lokaci ya ƙure, ka taƙaita bayanin kawai, lissafi da tebur ka bar su a hotonsu.

Kuma don Allah duk wanda zai turo taƙaitawa guruf, ya haɗo da hotunan asali, ya faɗa mana ko ya duba lambobin. Allah Ya ba mu sa'a.