Goge fitilar inji ba gyara ba ne: kira ga masu mota a Nyanya



Kwanan nan 'yar na'urar nan ta duba mota, wadda ake kira OBD, ta yawaita a hannun mutanenmu, musamman masu jigilar fasinja daga Nyanya da Mararaba zuwa cikin gari. Ba ta da tsada, kuma muna goyon bayan duk mai hali ya mallake ta. Abin da ba mu goyon baya shi ne al'adar da ta biyo bayanta: fitilar inji ta kama, a jona na'ura, a danna gogewa, a ce an gyara.

Yawancin motocin tokumbo da muke hawa suna da mahaɗar wannan na'ura, domin tun 1996 doka ta wajabta ta a motocin da ake sayarwa a Amurka, sannan Turai ta bi sahu a motocin fetur daga 2001. Mahaɗar tana ƙarƙashin sitiyari, mai ramuka 16. A jona na'urar, a murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama ba tare da an tayar da inji ba, sannan a zaɓi karanta lambobi. Harafin farko yana nuna sashen da aka ji ƙorafi: P na inji da giya ne, C na birki da ƙafafu, B na jikin mota, U kuma na sadarwa tsakanin kwamfutocinta.

Mu ɗauki misalin Corolla mai silinda huɗu da ta nuna P0171. Ma'anar wannan lamba ita ce iska ta yi wa mai yawa a cikin haɗin da inji ke ƙonawa. Lambar ba ta ce ga abin da ya lalace ba, alama kawai ta faɗa. Mutane da yawa sai su garzaya su sayo sabon sensa na salansa, alhali shi ɗan aike ne da ya kawo labari. Dalilin zai iya zama tiyon iska da ya tsage, ko sensa mai auna iska da ƙurar hunturu ta rufe, ko famfon mai da ya yi sanyi.

Na'urar za ta iya taimakawa a rarrabe. A shiga inda take nuna bayanan inji yana aiki, a nemo LTFT, wato yawan man da kwamfuta ke ƙarawa don ta daidaita haɗin. Lafiyayyen inji yana zama kusa da sifili, ba ya cika wuce 10 cikin ɗari. Idan aka ga 20 mota na tsaye, aka taka totur kuma adadin ya sauko, to mai yiwuwa iska ce ke kutsawa ta wata kafa, sai a bi tiyo ɗaya bayan ɗaya. Idan kuwa ƙaruwa yake yi da aka taka, a duba famfon mai, matatar mai da sensa mai auna iska.

To me gogewa ke yi? Tana kashe fitila, amma tiyon da ya tsage yana nan yadda yake. Bayan tafiya biyu ko 'yan kwanaki fitilar za ta dawo. Abin da ya fi wannan muni, gogewa tana share bayanan da kwamfuta ta adana a lokacin da matsalar ta auku, kamar zafin inji da gudun mota, waɗanda su ne jagorar makanike. Shi ya sa muke cewa a ɗauki hoton lambar da bayananta da waya kafin a taɓa komai.

Wani zai ce ai wata lambar ta wucin gadi ce, kamar bayan an sha gurɓataccen mai. Gaskiya ne, gogewa sau ɗaya don a ga ko za ta dawo ba laifi ba ne. Amma in ta dawo, magana ta ƙare, sai gareji. Idan kuma fitilar ƙyaftawa take yi, inji na kakkarwa, da lamba irin P0301, wato silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai, kada a shiga cunkoson hanyar AYA da ita. Ɗanyen mai zai riƙa zuba cikin matatar hayaƙi ya ƙona ta, gyaran fulogi ya koma na dubban nairori masu yawa.

A sani kuma, yawancin na'urori masu araha inji kaɗai suke karantawa, ba sa ganin matsalar birkin ABS ko jakar iska. Shirunsu ba shaidar lafiyar mota ba ce.

Masu shirin sayen mota, ku kula. Mai sayarwa zai iya goge lambobi kafin ku iso. Ku duba sashen I/M Readiness: in gwaje-gwaje da yawa sun nuna ba su kammala ba, to ba a daɗe da gogewa ko cire batir ba. Ku nemi a zaga da motar sosai, a sake dubawa kafin ku biya.

Ku riƙe na'urar, ku je wa makanike da lamba a hannu. Allah Ya kiyaye hanya.

Sakataren ƙungiya