Sharhi: Sana'ar da ke ɓoye a cikin cefanen wata

Sharhinmu na yau ya leƙa ɗakin ajiyar uwargida ne. Mai neman sana'a zai iya farawa da takarda da biro, ya rubuta duk abin da gidansu ke saye a wata, sannan ya juya kowane gwangwani da leda ya karanta inda aka yi shi. Zai tarar da Legas, da Ota a jihar Ogun, wani lokaci har da ƙasar Sin.

Daga nan sai tankaɗe. Sukari da dunƙulen ɗanɗano da batir aikin manyan masana'antu ne, sai a soke su. Abin riƙewa shi ne wanda ke ƙarewa kowane wata, kuma ake noma kayan haɗinsa a kusa.

Garin kunun yara ya cika sharuɗɗan nan biyu. Iyaye na sayen na gwangwani da tsada, alhali gero da waken suya da gyaɗa suna jibge a kasuwanni irin su Dawanau a Kano. Haɗin da aka fi sani da Tom Brown yana tafiya ne a kan kwano 6 na hatsi, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. Waken ne mai ɗawainiya: a jiƙa shi, a murje ɓawon, a shanya ya bushe ƙarau, a soya har gafinsa ya fita. Gyaɗa kuma tsince ta ake yi ɗaya bayan ɗaya, domin wadda ta yi funfuna tana ɗauke da gubar da ke lahanta hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Idan aka kai niƙa da sauran danshi, garin zai dunƙule cikin leda ya canza wari. Maiƙon gyaɗar ma kan sa shi ɓaci idan ya jima, shi ya sa masu wayo ke yin kaɗan-kaɗan.

Wajen lissafi ne akasari ake faɗuwa. Ɓawo da tsakuwa da danshi suna rage nauyin kaya, don haka garin da ya fito daga inji shi za a auna a yanka wa farashi, bayan an haɗa kuɗin niƙa, gawayi, leda da na mota.

Takardar gida ɗaya kuwa ba kasuwa ba ce. A tambayi maƙwabta goma, a sayar musu da ƙananan ƙulli, a ga nawa za su dawo da kuɗinsu a mako na biyu. Yabon baki ba ya biyan mai inji.

Wanda zai kai garinsa kantuna da suna a jikin leda sai ya nemi rajistar hukumar NAFDAC. A kuma riƙa shaida wa masu saye cewa kunun na yaron da ya cika wata 6 ne, kafin nan nonon uwa kaɗai ake ba jariri.