Dashen Gashi: A Fara Duba Ƙeya

Hotunan masu sanƙo da suka je Istanbul suka dawo da suma sun iso wayoyin samarin Mutum Biyu, har wasu sun fara lissafin kuɗin jirgi. To, kafin a sayar da buhunan shinkafa, a shafa ƙeya tukuna.

Likita ba ya ƙirƙirar gashi. Daga ƙeya da gefen kunne yake ciro saiwa ya dasa a goshi, kamar yadda manomin Gassol ke cire irin shinkafa ya kai wani fage, sai dai nan inda aka cire ba ya sake tsirowa. Tun 1959 Dakta Norman Orentreich na New York ya nuna cewa gashin ƙeya yana riƙe halinsa na ƙin zubewa ko an sauya masa wuri. Amma yana da iyaka: yawancin mutane saiwa kamar 6,000 za a iya cire musu a duk rayuwa, alhali babban sanƙo, daga goshi har tsakiyar kai, yana iya cinye 7,000 bai cika ba.

Ɗauki saurayi ɗan shekara 24 da goshinsa ya fara ja baya. An cire masa 3,000, an jera masa layin gashi ƙasa-ƙasa, ya yi kyau. Sanƙon kuwa bai tsaya ba. Yana kai 35, gashin asali da ke bayan dashen ya zube, ya rage tuntu a gaba, fili a baya, rabin ajiyarsa kuma ta tafi. Ko Wayne Rooney, da duk kuɗinsa, ya yi dashe a 2011, ya koma a 2013. Shi ya sa likitan kirki ke jinkirta wa mai ƙarancin shekaru, ya fara ɗora shi kan magani irin su minoxidil.

Mu baƙar fata muna da ƙarin matsala. Saiwar gashinmu a lanƙwashe take cikin fata, don haka bututun cirewa yana yanke ta idan hannun bai saba ba, a yi asarar ƙeya, goshi kuma bai samu ba. Wanda rauni ke yi wa tabo mai tudu, ko yake fama da ƙurajen ƙeya bayan aski, ya nemi ganin likitan fata, ko da ta Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo, kafin ya biya kowa.

Kuɗi fa? A Istanbul aikin yakan kama dala 2,000 zuwa 4,000, ban da jirgi. Gashin da aka dasa zai zube cikin makonnin farko, ya soma fitowa bayan wata uku ko huɗu, sai shekara ta zagayo a san gaskiyar aikin. Lokacin an daɗe da dawowa gida, kuma gyaran aikin da ya ɓaci daga ragowar ƙeyar nan za a cire shi.