Kuɗin Ruwa Ya Hau, Farashi Bai Sauka Ba

A farkon shekarar 2022 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Nijeriya yana kan kashi 11.5 cikin ɗari. Daga watan Mayu na shekarar nan Bankin ya shiga ɗaga shi, har ya kai 27.5 a watan Nuwamba na 2024. Manufar kuwa ita ce a karya hauhawar farashi. Amma a Disambar 2024 hauhawar ta kai kashi 34.8. Ya kamata ma'aikata da ɗalibai su san hanyar da wannan ma'auni ke bi kafin ya isa kasuwa, domin su gane inda ya yi tasiri da inda ya gaza.

Babban Banki ba ya ba talaka rance, da bankuna yake hulɗa. Idan ya ɗaga ma'auninsa, kuɗin da banki zai aro daga wurinsa ko daga wani banki ɗan'uwansa sai ya yi tsada, ribar takardun lamunin gwamnati ita ma ta ƙaru. Manajan banki kuwa ba zai ba ɗan kasuwa rance da araha ba alhali gwamnati tana biyan riba mai tsoka ba tare da wani haɗari ba. Saboda haka sai ya ƙara wa masu cin bashi ruwa, kuma wannan mataki ba ya jinkiri.

Mu ɗauki misalin mai injin casar shinkafa wanda ya ranci naira miliyan 10 don sayen shanshera. A ce ribarsa ta shekara, kafin ya biya banki, miliyan biyu da rabi ce. In ruwan bashin kashi 20 ne, zai biya miliyan 2, ya tsira da rabin miliyan. In ya koma kashi 30, zai biya miliyan 3, watau ya faɗi da rabin miliyan. Abin da ya rage masa shi ne ya rage sayen kaya, ya fasa sayen sabon inji, ko kuwa ya sallami wasu leburorinsa. Leburan da aka sallama zai rage cefane, mai kantin unguwarsu ya ga ciniki ya ja baya, ya daina ƙara kuɗin kaya. Ta haka ne kuɗin ruwa ke sanyaya farashi: yana rage kashe kuɗi, kuma a kan hanya yana cin ayyukan mutane. Zafinsa kan zo da wuri, amfaninsa kuwa yakan ɗauki shekara guda ko fiye.

A ƙasar nan hanyar tana da gurabe biyu da take yoyo. Na farko, wajen mai ajiya. Ƙa'ida ita ce banki ya biya mai asusun ajiya aƙalla kashi 30 cikin ɗari na ma'aunin Babban Banki. Da ma'aunin ke kan 27.5, wanda ya ajiye naira 100,000 zai sami 8,250 a shekara, alhali kayan naira 100,000 sun koma 134,800. Wa zai ajiye kuɗinsa a haka? Sai ya gwammace ya sayi hatsi ko dala ya ɓoye, abin da ke ƙara tsadar da ake yaƙa.

Na biyu, yawancin manoma da 'yan tireda ba su cin bashin banki, adashi da 'yan'uwa ne jarinsu. Tsadar da ta biyo bayan janye tallafin man fetur a Mayun 2023, da sakin naira a watan Yuni, da rashin tsaro da ya hana manoma zuwa gona, ba yawan kuɗi a hannun jama'a kaɗai ya kawo ta ba. Kuɗin ruwa na iya jawo masu dala su zuba jari, naira ta sami natsuwa, kayan waje su daina hawa. Amma ba ya rage kuɗin motar da ke ɗauko masara zuwa Dawanau.

A ra'ayinmu, Babban Banki bai yi kuskure da ya ɗaga ma'aunin ba, sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bashin naira tiriliyan 22.7 da Gwamnatin Tarayya ta ci daga Bankin, wanda majalisa ta amince a mayar da shi na dogon zango a 2023, sabon kuɗi ne da aka zuba wa kasuwa. Lalle ne gwamnati ta kame hannunta daga irin wannan rance, ta tsare gonaki, ta gyara hanyoyi. In ba haka ba, mai masana'anta da leburansa ne za su riƙa biyan kuɗin maganin cutar da ba su suka jawo ta ba.