A ajiye kofi, a koma sikeli wajen kwaɓin kek

Masu sana'ar kek kan yi kukan cewa yau ya fito da laushi, gobe kuma ya yi tauri, alhali haɗin bai canza ba. Sau da yawa laifin kofin awo ne.

Kofi ɗaya na fulawa yakan yi giram 120 idan an zuba ta da cokali. Idan kuwa aka cusa kofin cikin buhu aka danna, yana iya kaiwa giram 150. A haɗin kofi huɗu, bambancin ya zama giram 120, wato an ƙara kofi guda ba a sani ba. Alamarsa ita ce kwaɓin ya yi kauri, kek ɗin ya bushe, samansa ya tsage.

Ra'ayinmu shi ne a koma sikeli. A ɗora roba, a danna maɓallin TARE ya koma sifili, a zuba fulawa giram 480, a sake dannawa kafin a zuba sukari. Gishiri da yis kaɗan kuwa, a bar wa ƙaramin cokalin awo, domin sikelin gida yakan yi kuskure a ƙananan giram.

Kuɗin sikeli sau ɗaya ake biya, kek da ya lalace kuwa yana iya korar mai saye.