Layi Huɗu Kafin Magariba: Saƙon Godiya Bayan Intabiyu

Rubutun da zan yi magana a kansa wannan makon bai wuce layi huɗu ba, amma yakan gagari wanda ya cika littafi da labari. Ina nufin ɗan saƙon godiya da mai neman aiki zai tura wa wanda ya yi masa intabiyu, a ranar da aka yi ta. Ra'ayina shi ne a riƙa tura shi, da sharaɗin ya tsaya a godiya. Da zarar roƙo ya shiga ciki, gara a ce ba a tura ba.

Na san abin da wasu za su ce, musamman mu mutanen Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa: zuwa da kai ya fi aike, kuma wanda yake son aiki babba yake nema ya yi masa magana. Wasu kuma kunya ce take hana su, suna ganin duk saƙon da ya biyo bayan intabiyu kamun ƙafa ne. Ku duba bambancin. Mai kamun ƙafa yana neman a ba shi abin da ba a riga an ba shi ba. Mai godiya yana yaba abin da ya riga ya karɓa, wato lokacin da aka ware aka saurare shi. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, kuma shugaban makarantar da ya zauna da mutum goma sha biyu tun safe har Azahar ya cancanci wannan tukwicin.

Bari mu ɗauki misali. A ce wata mai takardar shaidar malanta ta taso daga Doguwa ta je Tudun Wada intabiyun koyarwa a wata makarantar kuɗi. Cikin hira shugabar makarantar ta yi ƙorafin cewa da kaka, lokacin yankan shinkafa, yara sukan yi fashin zuwa, in sun dawo kuma karatu ya wuce su. Ta tambaye ta yadda za ta yi da irin waɗannan yara, ta ba da amsa, aka sallame ta. Ga abin da yawancinmu za mu rubuta: "Slm Hajiya ya aiki ya iyali. Don Allah a taimaka min da aikin nan, wallahi ni ce babba a gidanmu, ba ni da kowa sai ke." Wannan saƙo bai faɗi sunan mai shi ba, bai tuna wa Hajiya komai daga hirar ba, ya kuma ɗora mata nauyin da ba nata ba. In tana da tausayi za ta ji ba daɗi, in ba ta da shi za ta ji haushi, kuma duka biyun ba sa ba da aiki.

Ga wanda nake ganin ya dace: "Assalamu alaikum Hajiya. Ni ce wance daga Doguwa, wadda kuka yi wa intabiyun koyar da aji biyu yau da safe. Na gode da lokacin da kuka ba ni. Maganar yaran da ke fashi lokacin yankan shinkafa ta tsaya min a rai, kuma in na samu dama zan so in gwada ware musu minti goma sha biyar na bita kafin a tashi. Na gode, a huta lafiya."

Kowace jimla a nan tana da aikinta. Ta farko gaisuwa ce, sau ɗaya tak, ba a bi gida-gida ana tambayar iyali ba. Ta biyu ta faɗi suna, gari da gurbin da ake nema, domin lambar wayarki baƙuwa ce a wayar Hajiya. Ta uku ita ce godiyar. Ta huɗu ita ce ran saƙon: abu guda da aka faɗa a ɗakin, wanda ba za a iya kwafa a tura wa wata makaranta ba. Da ita Hajiya za ta gane cewa wannan yarinyar ta saurara, kuma ta ci gaba da tunanin matsalar makarantar bayan ta fita. Ga yadda za ka gwada naka: in za ka iya tura shi ga kowace ma'aikata ba tare da ka canja kalma ba, to bai nuna ba tukuna.

Me ya sa sai a ranar? Domin ƙananan wuraren aiki irin namu, makarantar kuɗi, kantin magani, shagon sayar da taki, ba sa jan lokaci. Sau da yawa mai wurin yakan yanke shawara a daren ko washegari, tun fuskokin suna sabo a idonsa. Saƙon da ya iso bayan kwana uku ya zama tambayar "ina aka kwana?" ko da an lulluɓe shi da godiya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakanin La'asar da Magariba. Kana fita daga ɗakin ka tura, zai yi kama da wanda aka rubuta tun daga gida. Ka bari har bayan Isha'i, ka shiga lokacin iyalin mutum, kuma in namiji ne yake tura wa mace ko mace take tura wa namiji, saƙon dare yakan jawo fassarar da ba a nufa ba. Wanda zai koma Doguwa ko Riruwai ya tuna cewa sabis yakan yi wuya a dajin Falgore, saboda haka ya tura tun yana tasha. A WhatsApp, alamar maki ɗaya tana nufin saƙon ya bar wayarka amma bai isa tasa ba.

Akwai wani abu da ya shafe mu marubuta kai tsaye. Saƙon tes na yau da kullum yana ɗaukar harafi 160 a shafi ɗaya, amma da ka sa ƙ, ɗ ko ɓ ko da guda ɗaya, shafin yakan koma harafi 70, kuma wasu ƙananan wayoyi sukan nuna akwati a gurbin harafin. Don haka in ta tes za ka tura, ajiye lanƙwasar, sai dai ka kauce wa kalmar da ma'anarta za ta juye, irin su baki da baƙi, ko kasa da ƙasa. A WhatsApp ko imel kuwa, rubuta Hausarka daidai. Ka bi hanyar da aka gayyace ka ta cikinta, da harshen da aka yi hirar da shi. Kada ka tura saƙon murya, domin ba a iya duba shi a gaban mutane cikin daƙiƙa biyar.

Wannan shawara tana da iyaka. In aikin gwamnati ne, na jiha ko na ƙaramar hukuma, inda kwamiti yake ba da maki a takarda, kada ka je ka farauto lambar ɗan kwamiti. Saƙon da ya shigo wayarsa ta bayan gida, komai ladabinsa, zai iya zama abin zargi gare ka da shi. A nan godiyar baki da ka yi kafin ka fita ta wadatar. Ƙa'idar mai sauƙi ce: lambar da aka ba ka ko aka kira ka da ita, ita kaɗai za ka tura wa.

Sannan saƙo ɗaya ne. In ba a amsa ba, ba a yi maka laifi ba, domin godiya ba ta neman amsa. Kada ka bi shi da "kin gani?" ko barka da Juma'a kowane mako. In sun ce za a ji daga gare su nan da mako biyu, ka jira mako biyun su cika kafin ka tambaya. Saƙon ba zai mai da wanda bai cancanta ba ya cancanta. Amfaninsa yana bayyana ne inda mutum biyu suka yi kunnen doki, ko inda gurbi ya sake buɗewa bayan wata uku, mai wurin ya duba wayarsa ya ga sunanka tare da maganar da ta tuna masa ko kai wane ne.

Ga aikin gida na wannan mako: kowa ya ƙirƙiri intabiyu ɗaya, ya rubuta saƙon godiyarta cikin kalmomin da ba su wuce sittin ba, ba "don Allah", ba "a taimaka". Allah ya ba masu nema sa'a.